Yadda ake amfani da Excel ko Google Sheets a gano inda sayayyar wata ta fi arha

Duk ƙarshen wata nakan sayo kayan abincin gida a dunƙule, kuma na daɗe ina yi da ka. Idan na ji sukari ya fi sauƙi a wani shago sai in ɗauka komai na shagon ma haka yake, in kwashi kayana a can, ban taɓa zama na haɗa lissafin ba. Da na fara zuba farashin a jadawali a waya ne na ga abin da ke faruwa. Shago yana iya sauke farashin ƙananan kaya huɗu ya ɗora a kan shinkafa, alhali shinkafar ita ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin. Don haka tambayar da jadawalin nan zai amsa ita ce: idan na sayi duk abin da nake bukata, a adadin da nake bukata, har na kawo shi gida, a ina zan fi kashe kuɗi kaɗan?

Kayan aiki

Waya ko kwamfuta mai ɗauke da manhajar jadawali. Excel, Google Sheets, LibreOffice Calc da WPS Office duk suna yi, kuma fomulolin da zan kawo suna aiki a cikinsu baki ɗaya. Gina jadawalin ya fi sauƙi a kwamfuta, amma da waya ma ana gamawa, sai dai a yi haƙuri da ƙananan akwatuna.

Ƙaramin littafi da biro. A cikin kasuwa, da cunkoso da hayaniya, rubutu a takarda ya fi sauri, kuma ba ka fito da waya a inda bai kamata ba. Ka shigar da lambobin idan ka dawo gida.

Sikeli, ko da na aro ne. Sau ɗaya za ka bukace shi, zan faɗi dalili a mataki na biyu.

Jerin kayan da gidanka ke ci a wata, da adadinsu. Idan ba kai ke shiga kicin ba, ka tambayi uwargida, ita ta san ko taliya ashirin na kai wata ko ba ta kaiwa.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan manhaja ba, shafin a rarrabe yake zuwa akwatuna. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, layukan kwance kuma suna da lambobi, 1, 2, 3. Sunan kowane akwati shi ne harafinsa da lambarsa, wato D2 shi ne akwatin da layin D ya haɗu da layi na 2. Duk abin da ka fara da alamar `=` fomula ce, manhajar za ta lissafa ta nuna maka amsa. Iya abin da kake bukatar sani ke nan kafin mu fara.

Mataki na 1: Shimfiɗa jadawalin

A layi na 1 ka rubuta kanun: A1 Kaya, B1 Ma'auni, C1 Adadi. Daga D1 zuwa dama kowane shago ya samu layinsa na tsaye. Ni uku nake kwatantawa: shagon unguwa da nake zuwa da ƙafa, wani babban kanti da ke bakin titi, da dilan da nake saye a wurinsa a kasuwa. Mutumin Kano zai iya sa dilansa na Kasuwar Singa a nan, mai sayen hatsi kuma na Dawanau. Uku ko huɗu sun isa. Idan ka jera shaguna takwas, zagayen tambayar farashi kaɗai zai cinye maka ribar.

Ga jadawalin da za mu bi har ƙarshe. Farashin na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, ka sa naka na yau.

| | A | B | C | D | E | F |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | Kaya | Ma'auni | Adadi | Unguwa | Kanti | Dila |
| 2 | Shinkafa | kilo | 25 | 1700 | 1650 | 1500 |
| 3 | Man gyaɗa | lita | 5 | 3200 | 2900 | 3000 |
| 4 | Sukari | kilo | 3 | 1900 | 1800 | 1750 |
| 5 | Taliya | leda | 20 | 950 | 1000 | 880 |
| 6 | Tumatirin leda | ɗaya | 30 | 200 | 180 | 170 |
| 7 | Dunƙule | fakiti | 2 | 1500 | 1400 | 1450 |
| 8 | Omo | kilo | 2 | 2600 | 2300 | 2500 |
| 9 | Madarar gari | gwangwani | 2 | 4800 | 4500 | |

Akwatin F9 da gangan na bar shi fayau, dilan ba ya sayar da madara. Ka riƙe wannan, zai dawo mana.

Kaya ɗaya, layi ɗaya. Kada ka haɗa "sabulu da omo" wuri guda, kuma idan gidanka na amfani da irin taliya biyu, kowacce ta samu layinta. A jadawalinka na gaskiya ka rubuta sunan kamfani da girman kayan a layin A, domin wata mai zuwa ba za ka tuna wace madara ka tambaya ba.

Mataki na 2: Daidaita ma'auni kafin ka rubuta farashi

A nan mafi yawan masu farawa ke ɓata aikinsu, shi ya sa zan ɗan tsaya.

Mai shagon unguwa da kwano yake auna shinkafa. Kanti a leda mai kilo 5 yake sayarwa. Dila kuwa buhu mai kilo 25 zai ɗauko maka. Idan ka rubuta 4250 da 8250 da 37500 a jere, manhajar za ta ce maka unguwa ta fi arha nesa ba kusa ba, domin ba ta san kwano ba, ba ta san buhu ba. Dole ka mayar da su duka ma'auni ɗaya, shi ne wanda ka rubuta a layin B.

Na kanti da na dila masu sauƙi ne, nauyin yana rubuce a jiki. Kada ma ka nemi kalkuleta, ka rubuta rabon a cikin akwatin kai tsaye:

```
=8250/5
=37500/25
```

Na farko a E2, zai nuna 1650. Na biyu a F2, zai nuna 1500. Amfanin rubuta shi haka shi ne, bayan wata guda idan ka taɓa akwatin za ka ga kuɗin buhun da nauyinsa, ka san inda lambar ta fito.

Kwano shi ne mai rikici. Mudu da tiya ba girmansu ɗaya ba, kuma ko masu suna ɗaya suna bambanta daga gari zuwa gari, kai har daga mai awo zuwa mai awo, ga wanda ke cika shi ya yi tozo, ga mai shafe baki. Maganin abin shi ne ka sayi kwano ɗaya a wurin mutumin da ka saba saye, ka ɗora a sikeli. A misalinmu ya ba da kilo biyu da rabi, kuɗinsa 4250, sai a rubuta `=4250/2.5` a D2, ya fito 1700. Idan ba ka da sikeli, mai nama ko mai sayar da kaji zai auna maka. Idan shi ma bai samu ba, ka juya lissafin: ka mayar da kwano ya zama ma'aunin, ka auna buhun da ka sayo da kwanon gidanka ka ga kwano nawa ya bayar, sai ka raba kuɗin buhun da wannan adadin. Ka tabbata dai da kwanon nan ɗaya ka auna na mai shagon unguwa.

Haka abin yake ga mai. Kwalba ba lita ba ce. Yawancin kwalaben da ake auna man gyaɗa da manja da su ba su kai lita ba, don haka ka juye ɗaya a robar da ka san girmanta.

Akwai kuma wani abu da farashin kilo ke ɓoyewa. A ce kantin ba shi da leda mai kilo 5, sai mai kilo 10 a kan 16500. Kilo ɗaya har yanzu 1650 ne, amma ba za su yanka maka rabin leda ba. Kilo 25 na nufin leda uku, wato 49500 za ka fitar daga aljihu a ranar. Ba asara ba ce tunda rarar tana nan, amma idan kuɗin wata a ƙididdige suke, ka sani tun kafin ka je wurin biya.

Sannan a kwatanta abu da irinsa. Shinkafa 'yar gida mai tsakuwa da wadda aka gyara a inji ba layi ɗaya za su hau ba. Farashin da za ka rubuta kuma shi ne wanda aka sallama maka bayan ciniki, ba wanda aka fara yi maka suna da shi ba. Ka yi ƙoƙari duk farashin su zama na mako ɗaya. Na shago ɗaya na jiya, na ɗayan na wata biyu da suka wuce, wannan kwatancen banza ne, musamman gab da azumi lokacin da sukari da madara ke motsi.

Mataki na 3: Shigar da lambobi tsirara

A akwatin farashi ka rubuta lamba kawai: 1700. Kada ka sa N a gaba, kada ka rubuta "1.7k", kada ka ƙara "naira" ko "kowane kilo". Da zarar harafi ya shiga, manhajar ta ɗauke shi rubutu ne, kuma fomular da za mu yi amfani da ita tana lissafa rubutu a matsayin sifili ba tare da ta yi maka ko tari ba.

Gane shi ba wuya. Lamba tana jingina da gefen dama na akwati, rubutu kuma da gefen hagu, muddin ba ka canza tsarin da kanka ba. Idan ka duba layin farashi ka ga ɗaya ta koma hagu ita kaɗai, ka goge ka sake rubutawa. Idan kana son waƙafi mai raba dubbai, ka zaɓi akwatunan ka sa musu ta `Format`, kada ka riƙa bugawa da hannu.

Abin da shago ba shi da shi, ka bar akwatin fayau. Kada ka sa 0, domin sifili farashi ne a wurin manhajar, za ta ce maka kyauta ake bayarwa a can.

Mataki na 4: Jimillar kowane shago

A A11 ka rubuta "Kuɗin kaya". A D11 ka sa wannan:

```
=SUMPRODUCT($C$2:$C$9,D2:D9)
```

Abin da take yi shi ne ta ninka adadin kowane kaya da farashinsa, 25 sau 1700, 5 sau 3200, haka har ƙasa, sannan ta tara su. Ka kwafi D11 ka liƙa a E11 da F11. Alamar `$` ita ke ɗaure layin adadi a wurinsa. Idan ka manta da ita, lokacin da ka kwafa zuwa E11 fomular za ta zame ta riƙa ninka farashin unguwa da na kanti, sai ka ga jimilla ta haura miliyan arba'in. Duk sanda ka ga lamba irin wannan, `$` ka fara dubawa.

Amsa za ta fito haka: Unguwa 107,000, Kanti 102,950, Dila 88,350.

Wani zai ce me ya sa ba za a yi amfani da `SUM` kawai a tara farashin ba? Ai na gwada, shi ne kuskurena na farko. `SUM` tana ɗaukar kamar kilo ɗaya na shinkafa za ka saya da gwangwani ɗaya na madara, sai madarar da biyu kawai kake bukata ta fi shinkafa nauyi a lissafin. A jadawalin nan, idan aka cike gurbin madarar dila da 4800, `SUM` za ta ba kanti 15,730, dila 16,050, wato ta ce kanti ya fi arha. Nan gaba kaɗan za ka ga ba haka ba ne.

Mataki na 5: Kamo akwatin da babu komai

Dubi lambar dila, 88,350. Ta fi ta kanti sauƙi da naira 14,600, abin sha'awa. Amma ƙarya ce, domin kwandon dila babu madara a ciki. `SUMPRODUCT` ta ɗauki F9 sifili ta wuce. A jadawali mai kaya takwas ido zai iya kamawa, amma a mai kaya talatin, shagon da ya fi rashin kaya shi zai riƙa zuwa na ɗaya kullum, kana ta yaba masa.

Don haka ka kafa mai gadi. A A12 ka rubuta "Kayan da babu", a D12 kuma:

```
=COUNT($C$2:$C$9)-COUNT(D2:D9)
```

Ka kwafa zuwa E12 da F12. `COUNT` lambobi kaɗai take ƙirgawa, saboda haka wannan fomula tana kama akwatin da aka bari fayau, tana kuma kama farashin da ya shiga a matsayin rubutu. D12 da E12 za su nuna 0, F12 ya nuna 1. Ƙa'idata ita ce ba na kallon jimillar shago sai layi na 12 ya nuna sifili a ƙarƙashinsa.

To yaya za a yi da gurbin? Ka tambayi kanka: idan na je wurin dila, a ina zan sayi madarar? Amsar gaskiya ita ce a shagon unguwa, tunda ba zan sake hawa mota don gwangwani biyu ba. Sai ka rubuta `=D9` a F9, ka shafa wa akwatin wani launi don ka tuna aro ne. Kada ka ɗauko 4500 na kanti don ya fi sauƙi, alhali ba za ka je can ba. Yanzu jimillar dila ta koma 97,950, tazararsa da kanti ta sauko daga 14,600 zuwa 5,000.

Idan shago ya rasa kaya da yawa, kamar rabin jerin, cike gurabe ba shi da ma'ana. Ka cire shi daga takarar kwando, ka bar shi don mataki na bakwai kawai.

Mataki na 6: Kuɗin kai kayan gida

Buhu ba ya tafiya da ƙafarsa. A A13 ka rubuta "Sufuri da dako", ka sa abin da zuwa da dawowa ke ci. A misalinmu unguwa 0, kanti 1500, dila 4000, domin akwai adaidaita sahu zuwa da dawowa, ga ɗan dako da zai fito da kayan bakin titi. Mai abin hawa ya sa kuɗin mai da na ajiye mota. Idan sai ka ciri kuɗi a wurin mai POS kafin ka biya, cajinsa ma nan zai shiga.

A A14 ka rubuta "Jimilla", a D14 ka sa `=D11+D13`, ka kwafa zuwa dama. Za ka ga Unguwa 107,000, Kanti 104,450, Dila 101,950. Don manhajar ta faɗi sunan wanda ya ci da kanta, ka sa wannan a D16:

```
=INDEX(D1:F1,MATCH(MIN(D14:F14),D14:F14,0))
```

Daga ciki ake karanta ta. `MIN` ta nemo mafi ƙanƙantar jimilla, `MATCH` ta gano ta nawa ce a jerin, `INDEX` ta ɗauko sunan da ke wannan matsayi a layi na 1. Sifilin ƙarshe yana nufin a nemo lambar daidai wa daida. Idan ka bar shi, wani lokaci za ta ba ka sunan da ba shi ba, wani lokaci ta nuna `#N/A`.

Dila ya ci, amma da naira 2,500 kacal a kan kanti, da 5,050 a kan shagon unguwa. Ka tuna daga 14,600 muka faro.

Mataki na 7: Shin raba sayayyar zai fi?

Tunani na gaba da ke zuwa wa kowa shi ne, to in sayi kowane abu a inda ya fi arha mana. Bari mu gwada. A G1 ka rubuta "Mafi arha", a H1 "A ina". Sannan a G2 da H2:

```
=MIN(D2:F2)
=INDEX($D$1:$F$1,MATCH(G2,D2:F2,0))
```

Ka kwafa su har layi na 9. Layin H zai nuna shinkafa, sukari, taliya da tumatir a wurin dila, sannan mai, dunƙule, omo da madara a kanti. Idan shaguna biyu suka yi kunnen doki, sunan na hagu za ta nuna, ka sa ido a kan hakan. A G11 ka sa `=SUMPRODUCT(C2:C9,G2:G9)`, zai ba da 96,350.

Wannan ya fi na dila sauƙi da 1,600. Sai dai yanzu wuri biyu za ka je, sufuri ya zama 4000 da 1500, wato 5500 a G13. Ka kwafi D14 ka liƙa a G14, jimilla ta fito 101,850. Idan ka je wurin dila kaɗai ka sayi madara a unguwa, 101,950. Bambancin naira ɗari ne, kuma ka kashe rabin yini a kai. Ni dai ba zan yi wannan zirga-zirgar ba. Raba sayayya yana biya ne idan shagunan biyu suna kan hanya ɗaya, ko kantin yana kan hanyarka ta dawowa daga aiki, inda kuɗin zuwa zai zama sifili. A irin wannan hali sai ka mayar da E13 sifili, G13 kuma 4000, ka ga yadda lissafin ya juya, sannan ka mayar da su 1500 da 5500 kafin mu ci gaba.

Wanda ke son ganin mafi arha da ido yana iya sa launi. Ka zaɓi D2 zuwa F9, a Google Sheets ka shiga `Format`, sai `Conditional formatting`, ka zaɓi `Custom formula is`, ka rubuta `=D2=MIN($D2:$F2)`. A Excel yana ƙarƙashin `Home`, `Conditional Formatting`, `New Rule`. Ado ne dai, lissafin ba ya bukatarsa.

Mataki na 8: Canza adadi ka ga abin da zai faru

Wannan shi ne abin da takarda da biro ba za su yi maka cikin sauƙi ba. A ce wannan watan akwai sauran shinkafa a gida, ba za ka saya ba. Ka mayar da C2 ya zama 0, kada ka goge layin. Nan take jimillar za ta koma Unguwa 64,500, Kanti 63,200, Dila 64,450, sunan da ke D16 kuma ya canza zuwa Kanti. Ashe shinkafa ce ke ɗauke wa tafiyar kasuwa kuɗin motarta. Ba tare da ita ba, tsakanin dila da shagon da ke ƙofar gidanka naira hamsin ce kawai. Ko da ka rage kuɗin dako tunda babu buhu, tazarar ba za ta kai abin tada jijiyar wuya ba.

Daga nan na ɗauki tsarin da nake bi: watan da za a sayi buhu a tafi kasuwa a haɗo komai, watan da babu buhu a tsaya kusa. Kuma idan tazarar da ke tsakanin shagon unguwa da na nesa ba ta taka kara ta karya ba, mai shagon unguwa nake ba, domin shi ne zai ba ni kaya bashi ranar 25 ga wata, shi zai karɓi abin da ya lalace ya canza mini. Wannan ba ya shiga akwati, amma da ka san tazarar naira nawa ce, kai za ka yanke ko ta cancanta.

Wata mai zuwa, da matsalolin da za ka ci karo da su

Kada ka goge farashin wannan watan ka rubuta sabo a kai. Ka kwafi shafin gaba ɗaya, a Google Sheets da `Duplicate`, a Excel da `Move or Copy`, ka sa masa sunan watan. Sannan ka goge farashin da ke D2 zuwa F9 na sabon shafin kafin ka fara cikewa. Idan ka bar tsofaffin kana canzawa ɗaya bayan ɗaya, sai ka tsallake wani bai canza ba, kuma mai gadin layi na 12 ba zai gani ba tunda akwai lamba a wurin. Ka rubuta ranar da ka tambayi farashin kowane shago a ƙasan jadawalin, can wajen layi na 18, ba a tsakiyar lambobin ba.

Idan za ka ƙara kaya, kamar wake ko manja, ka saka sabon layi a tsakiya, misali tsakanin na 5 da na 6. Fomulolin jimilla za su buɗe da kansu su haɗa da shi, kai kuma ka kwafo na G da H zuwa sabon layin. Idan ka rubuta a layi na 10 da ke ƙasa, fomular tana iya tsayawa a 9 ta bar sabon kayan a waje. Bayan kowane ƙari ka taɓa akwatin jimillar kuɗin kaya ka tabbata lambar ƙarshe da ke cikin fomular ta kai layin kayan ƙarshe.

Idan akwati ya cika da `####`, ba abin da ya lalace, faɗinsa ne ya yi wa lambar kaɗan, ka ja shi ya buɗe. `#NAME?` na nufin ka yi kuskuren harafi a sunan fomula. `#VALUE!` a jimilla yawanci tsawon layukan biyu ne bai zo ɗaya ba, kamar C2:C9 da D2:D10.

Masu karatu a Nijar, ko duk wanda manhajarsa ke kan Faransanci, za su ga fomulolin nan sun ƙi shiga. A can ana raba sassan fomula da `;` maimakon waƙafi, kilo biyu da rabi ana rubuta shi 2,5, sunayen ma sun bambanta: `SOMMEPROD` a madadin `SUMPRODUCT`, `EQUIV` a madadin `MATCH`, `NB` a madadin `COUNT`. `MIN` da `INDEX` suna nan yadda suke. Jimillar D11 za ta zama haka:

```
=SOMMEPROD($C$2:$C$9;D2:D9)
```

Kafin ka dogara da jadawalin a karon farko, ka ɗauki shago ɗaya ka lissafa shi da kalkuleta, layi bayan layi, ka ga ko ya zo daidai da abin da ke layi na 11. Bayan ka dawo daga sayayya kuma ka gwada abin da ka biya da abin da jadawalin ya ce. Idan bambancin ya yi yawa, ka fara duba layin B, domin yawanci a nan matsalar take: an ba ka farashin ƙaramin gwangwani ka rubuta shi a gurbin babba, ko an faɗa maka kuɗin katan ka raba shi da adadin da ba shi ne a ciki ba.